Rabin Bokitin Inna Kubura

Ranar da buta ta suɓuce daga hannun Inna Kubura wajen alwala, gaban 'yarta Ikilima ya faɗi. Tun da ta ɗauko tsohuwar daga Fagam, ko tsinke ba ta bari ta ɗaga ba.

A asibiti a Birnin Kudu, likita ta miƙa wa Inna wani ƙarfen awo ta ce ta matse. Da ƙyar allurarsa ta motsa.

"Idan riƙo ya yi rauni, yawanci naman jikin ne duka yake zubewa," in ji likitar. "Ana jin tsoron faɗuwa da doguwar jinya. Wane aiki take yi?"

"Aiki? Ina raye?" Ikilima ta ce.

"Hutun nan yana cinye ta. Ta riƙa matse wanki, tana ɗaukar rabin bokiti, tana tashi daga kujera tana zama. A ƙara kaɗan-kaɗan, a ba ta wake da ƙwai."

Washegari Inna ta ratso tsakar gida da rabin bokitin ruwa. Maƙwabciya ta leƙo, ta riƙe baki. Ikilima tana biye da uwarta taku-taku, ta damƙe hannayenta a baya don kada su karɓe bokitin.