Eh Ko A'a Aka Tambaye Ni

Mitar da nake auna wuta da ita, Yaya ne ya saya mini ranar da na gama koyon wayarin. Ya miƙo mini ita a leda ya ce, "Auta, ga ta nan, ita dai ba ta ƙarya, kai ma kada ka fara." Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, da kuɗin walda ya ciyar da ni har na zama abin da 'yan layinmu ke kira Injiniya idan suna son aikin kyauta.

Shaguna tara ne a jere, duk na mutum ɗaya, wani dattijo da muke kira Baba Mai Shaguna. Na Yaya ne na ƙarshe, inda ya shekara goma sha tara yana ƙera ƙofofi da tagogi. Akwai Tela, akwai Mai Aski, akwai Mai Kemis, sauran ba su shiga labarin nan ba sai da ɗaga hannu.

Bayan damina wutar layin ta haukace. A shagon Mai Aski ƙwan fitila zai yi fari fat har ya kashe ido, sai ka ji shi yana murna yana cewa, "Kai, yau wuta ta zo da ƙarfinta!" Kwana biyu ƙwan ya yi ɗas ya mutu. A wata guda ya canza bakwai, ya zagi mai sayar da ƙwai, ya zagi ƙasar da ta ƙera su. A shagon Tela kuwa dogon ƙwansa sai ƙyafta ido yake yi, ya kama ya saki, ya kama ya saki, har bakinsa biyu suka yi baƙi. Tela ya ce idonsa ya kusa tafiya wajen zura zare a allura.

Ba a daɗe ba suka gano mai laifi, don mutanen layinmu ba sa ɓata lokaci wajen bincike. Duk sanda Yaya ya ɗosana sandar walda a ƙarfe, fitilu sai su yi rawa. Kowa ya gani da idonsa, shi ke nan magana ta ƙare.

Yaya ya kira ni ya ce, "Zo ka duba mana, mutanen nan sun fara gaishe ni da hanci."

Na zo da mita da hantsi. Waya huɗu ce ta sauko daga falwaya zuwa ginin. Uku masu wuta ne, an raba wa shagunan uku-uku. Ta huɗun ita ce nutural, wadda wutar kowa ke bi ta koma, ita ce kuma ke riƙe kowane layi a ɗari biyu da talatin. Yaya da Tela layinsu ɗaya, Mai Aski yana wani. Na sa mita a soket ɗin Tela, na ce Yaya ya ɗosana. Lamba ta faɗo ɗari da saba'in. Na koma wajen Mai Aski na ce ya sake. Nan kuma ta haura ɗari biyu da tamanin.

A nan na gane matsalar ta wuce injin. Injin walda yana jan wuta, wannan ba a musu, zai iya sa fitilar layinsa ta ɗan dushe. Amma ba shi da hanyar da zai tura wa maƙwabci wuta fiye da kima, sai idan nutural ta saki. Idan ta saki, layukan sai su zama kamar sikeli: wanda aka ɗora wa kaya ya yi ƙasa, mara kaya ya yi sama. Na fita na ɗaga kai. Can saman falwaya, inda aka ɗaure wayar ta huɗu, mahaɗin ya yi fari da tsatsa, ruwan damina ya cinye shi. Da Yaya ya sake ɗosanawa har ɗan tartsatsi na hango.

Aikin minti goma ne, amma falwaya ta kamfanin wuta ce, wanda ya hau ba izini ya san sauran. Na je ofishinsu na yi bayani, wata mata ta rubuta a takarda ta ce za a zo. Na koma sau uku. A na ukun ta ce, "Malam, wutarku ta ɗauke ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To masu duhu ma suna jira."

Ranar da fitilar gaban madubin Mai Aski ta fashe a kan wani mai gemu, Baba Mai Shaguna ya tara kowa a barandar Mai Kemis bayan azahar. Aka kawo masa kujera, mu muka tsaya. Yaya ya zo da tabaran walda a goshi, yana goge hannu da tsumma. Mai Aski ya zube matattun ƙwai a ƙasa cikin kwali kamar mai kai ƙara da gawa.

Baba ya dube ni ya ce, "Injiniya, kai ne masani, kuma ɗan'uwanka ne, ba wanda zai ce ka yi masa sharri. Me ke kashe ƙwan nan?"

Na gyara tsayuwa, har da jin daɗi, Allah ya yafe mini. Na ce, "Baba, ƙwai an yi shi ne don wuta daidai. Irin na Mai Aski mai zare a ciki, idan wuta ta yi yawa zaren sai ya yi zafin da ya fi ƙarfinsa. Hasken nan da yake yabo, ƙwan ne ke cin kansa. Ƙari kaɗan ma yana rage masa kwana, balle ƙarin hamsin da mita ta nuna. Na Tela kuma wutar ce ba ta isa ta kunna shi, sai ya yi ta ƙoƙarin tashi, kowane ƙoƙari yana cin bakinsa. Ƙananan farare na zamani ma ba su tsira ba, idan wuta ta yi ƙasa sai kayan cikinsu su ƙara ja su yi zafi, idan ta yi sama su ƙone."

Mai Aski ya ce, "Mu ba makaranta muka zo ba."

Baba ya ɗaga hannu. "Yaro, tambaya ɗaya zan yi maka. Idan yayanka ya kunna injinsa, wutar nan tana hawa da sauka? Eh ko a'a?"

"Baba, abin da ke faruwa shi ne wayar..."

"Eh ko a'a?"

Na dubi Yaya. Bai dube ni ba, tsumman hannunsa yake kallo. Mitar tana rataye a wuyana, kuma rabin mutanen nan sun ga lambobin da idonsu.

Na ce, "Eh, amma..."

Wallahi ban san kalma tana iya mutuwa a iska ba sai ranar. "Amma" ɗina ko ƙasa ba ta kai ba. Mai Aski ya tafa hannu, Tela ya ce, "To, ƙaninsa ma ya faɗa." Na ɗaga murya ina cewa nutural, ina nuna falwaya, ina cewa ko an kore shi duk mai babban inji da ya zo haka za a yi. Mai Kemis ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Injiniya, ka riga ka fita haƙƙinmu, kada ka ɓata." Baba ya ce duk mai son Yaya ya tashi ya ɗaga hannu, aka ɗaga. Ya ba Yaya zuwa ƙarshen wata ya bar shagon.

Ni na taya shi kwashe kaya. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya samu wata rumfa a bayan gari inda wuta ba ta kai ba, sai janareto na haya, masu ba shi aiki kuma ba su bi shi can ba. Cikin wata uku ya sayar da injin. Mutumin da ya yaye masu walda sun fi goma ya koma yi wa ɗaya daga cikinsu aikin yini.

Shagon kuwa ko mako bai yi a rufe ba. Ashe surukin Baba ya daɗe yana son wurin, zai sa manyan firiza huɗu ya riƙa sayar da ƙanƙara. Ni aka kira in ja masa waya, na ce ba zan yi ba, na kuma faɗa masa dalili. Ya yi dariya ya kira wani.

Walda ana yi ana hutawa, firiza kuwa ba ta san hutu ba. Duk sanda injinansu suka tashi, layinsu ya faɗi, na Mai Aski ya haura. Ƙwai ya riƙa mutuwa kamar ana biyansa. Mai Aski ya daina cewa wuta ta zo da ƙarfinta, ya koma aski a bakin ƙofa da hasken rana. Ba wanda ya tara kowa a baranda, ba wanda ya ɗaga hannu. Ana haɗuwa da ni sai a kau da kai a shiga gyaran abin da bai lalace ba.

A wata na huɗu firiza biyu suka ƙone, don injin da wuta ba ta isa ba gurnani yake yi yana zafi har ya gasa kansa. Washegari Baba ya sa babbar riga ya tafi ofishin kamfanin da kansa. Kafin la'asar mota ta zo da tsani. Ina tsaye na duba agogo: minti goma sha biyu. Ma'aikacin ya yanke tsohon mahaɗin ya jefo ƙasa, ya ɗaura sabo. Na sa mita a shagon Tela, na sa a na Mai Aski, duka ɗari biyu da talatin, firiza na aiki lamba ko gezau.

Baba ya ce, "Ikon Allah, ashe ɗan abin nan ne." Ya dube ni ya ƙara da cewa, "Kai ma da ka yi mana bayani sosai."

Na juya na nufi gindin falwaya. Na tsinci mahaɗin na sa a aljihu.

Na samu Yaya a tsugune a wurin aikinsa, yana goge wa tsohon yaronsa ƙofa da burushin ƙarfe. Na miƙa masa abin, ɗan guntun ƙarfe da bai kai babban yatsa ba, ya ƙone gefe guda. Na ce, "Yaya, ga shi. Yau kowa ya gani ba kai ba ne."

Ya juya shi a tafin hannu, ya kankare tsatsar da farce. Ya ce, "Shagon fa?"

Na ce surukin ya sayo sababbin firiza.

Ya gyaɗa kai ya jefa guntun cikin bokitin tarkace. Na ce, "Yaya, da na ce a'a."

"Da ka yi ƙarya," in ji shi, ya ɗauki burushinsa. "Ni na hana ka. Matsa daga nan, Auta, kana tare mini haske."