Gefen Hagu na Allon Muhsin

Madam Saratu ta zo Konni daga Malbaza ranar jarrabawar baka, ko da yake ba a gayyace ta ba. Doka ta hana malami ya yi wa ɗalibinsa tambaya, amma ba ta hana shi tsayawa gindin iccen bedi yana leƙen taga ba.

Ɗalibin nata shi ne Muhsin. Sau biyu bak, jarrabawar gama sakandare, tana kayar da shi, lise, wato makarantarsu, ta sallame shi, bana ya shiga da kansa. Ya kai zagaye na biyu da ƙyar, kuma lissafi ne zai fid da shi ko ya binne shi. Babansa ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa in ya sake faɗuwa, boko ya ƙare, gonar albasa na jiran sa.

Shekara guda yana karatu da abokansa a bangon gidan su Saratu, inda suka shafa baƙin fenti wanda faɗinsa bai wuce faifai biyu ba. Saboda ƙarancin wuri suka saba da wata dabara: gefen dama na lissafi kaɗai suke rubutawa, na hagu kuwa a baki. Wani ya ce "sai a ninka", sauran su ce "an sani", a goge a kama wani. Ita ma Saratu ta sha jin su tana wanke-wanke, har tana jin daɗin saurinsu.

Mai tambayar, Mushe (wato Malam) Takama, dattijo ne daga Illela wanda ba ya dariya kuma ba ya zalunci. Ya fara da ƙanana. Deribe, wato ma'aunin saurin canjin abu, na e^(2x)? Muhsin ya rubuta 2e^(2x). Na ln(x + 1)? Ya rubuta 1/(x + 1). Na 2^x? Nan ne yara ke zubewa, amma ya rubuta 2^x · ln 2 ko tsayawa bai yi ba. Saratu ta ji kamar ta yi guɗa.

Sai dattijon ya ba shi babbar: f(x) = x³ · e^(2x) / √(x + 1), x ya fi sifili.

Muhsin ya yi murmushi, don irin wannan ne abincinsu a bango. Maimakon ya yi kokawa da ninki da rabawa, sai ya ɗauki logaritim, wato ln f, wanda ke mai da ninki tarawa, rabawa kuma ɗebewa, ya sauko da lambobin da ke bisa kai:

3 ln x + 2x − ½ ln(x + 1)

Daidai. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana fid da deribe: 3/x + 2 − 1/(2(x + 1)). Wannan ma daidai. Sannan ya koma gefen hagu, wurin da hannunsa bai taɓa zuwa ba duk shekara, ya rubuta f′(x), ya ja layi biyu a ƙasa.

Saratu ta ƙara matsawa kusa da taga. Deribe na ln f ai ba f′ ba ne, f′/f ne. Abin da ya samo sai an ninka shi da f(x) kafin ya zama amsa. Yaron ya san haka sarai, ta sha jin shi da bakinsa yake faɗa wa wasu. Ga allon gwamnati shimfiɗe a gabansa, rabinsa fanko, shi kuwa ya ajiye alli yana kakkaɓe hannu.

Takama ya ce masa da Faransanci ya sake dubawa. Muhsin ya duba gefen dama, inda ya saba neman kuskure, bai ga komai ba. Dattijon ya sake tambaya ko ya gama, ya ce ya gama. Saratu ta yi tari har sau biyu, jandarman da ke gadi ya harare ta, ta ja baya tana jin haushin kanta da na yaron da na wannan bango.

Da la'asar aka kira sunayen waɗanda suka ci. An wuce harafin sunansa, ana ta ihu ana rungumar juna, shi yana tsaye yana jira ko an yi tsallake ne.

Ya same ta wajen babur ɗinta. "Madam, mi ya faru? Wallahi yadda munka saba na yi shi. Mushen ga ya cuce ni."

Da ta so ta bar shi da wannan, don zagin baƙo ya fi sauƙin haɗiya. Amma ba ta iya ba. Ta duƙa ta rubuta a ƙasa da yatsa: f′/f.

Ya daɗe yana kallo. Leɓensa ya motsa, ta ji ya ce a hankali, "Sai a ninka."

"Ba ka ninka ba, Muhsin."

"Na san shi hwa, Madam."

"Na san ka sani. Mushen ne bai gani ba."

Bai yi kuka ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ya tsuguna ya sa yatsa kusa da rubutunta, ya rubuta amsar cikakkiya, f(x) a gaba, sauran cikin baka, ba kuskure ko ɗaya. Ya miƙe ya tambaye ta ko motar Malbaza ta ƙarshe ta tashi, don gobe da asuba akwai ban ruwa a gonar albasa.