Sukarin Tanko Ba Ya Hawa Motata Kyauta

Shekara arba'in da uku ina buɗe kanti a kasuwar Gure, ban taɓa sayar da ko allura ƙasa da yadda ta iso hannuna ba. Fari ya zo ya same ni. Aka karya darajar sefa, masu kanti suka kwana da kuɗi suka tashi da takarda, ni Idrisa ina nan zaune a kan buhuna. Ban shiga lakwal ba, makarantar boko, ko sunana ban iya rubutawa, amma na ga bayan kantunan masu biro da yawa.

Saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah, Tanko, mai kantin da ke kallon nawa, ya ɗaura ƙyalle a ƙofarsa ya sa aka yi shela: buhun sukari jika ashirin da tara, wato sefa dubu ashirin da tara. Ni kuwa talatin da biyu nake sayarwa. Ba ƙyallen ya dame ni ba, Yero ne. Yero Bafillace ne na wajen Alakoss, kowace Sallah shi ke yi wa gida kusan arba'in sayayya idan sun sayar da raguna: sukari buhu goma, shayi katan huɗu, man girki bido biyar, wato jarka. Cinikinsa shi ne rabin Sallata. In ya tsallaka wajen Tanko, sauran makiyaya za su bi shi kamar tumaki.

Ɗana Sufiyanu, wanda ya yi karatu a Damagaram har ya fara furfura yana ganin ya fi ni, ya zo da takardar sari a hannu.

"Baba, ga shi a rubuce. Jika ashirin da takwas muka saro. Mu sa ashirin da takwas da rabi, mu karya Tanko, kuma ga dala ɗari, rabin jika, riba a kowane buhu."

"Takardar nan taka, ita ta ɗauko buhun daga Damagaram a ka?"

"A'a, kamiyo ne, babbar motar kaya."

"To kamiyon na kakanka ne?"

Na kwance ƙunshin ƙwallayen dabino da nake lissafi da su, na zube a kan tabarma. Kowace ƙwallo jika guda. Na jera ashirin da takwas. Na ƙara ɗaya da rabi, kuɗin kamiyo. Masu lodi da masu saukewa, dala hamsin. Abin da ke zuba a hanya da wanda ƙugiyar ɗan dako ke ɓarkewa, wata dala hamsin. Na ce ya ƙirga. Ya ƙirga, talatin cif.

"Nan ne ƙasa," in ji ni. "Duk wanda ya sauka ƙasa da nan kabari yake tona wa kansa. Da na bi taka, kowane buhu sai in bi mai saye da jika ɗaya da rabi daga aljihuna ina yi masa godiya."

"To Tanko fa?"

"Tanko ko dai bai iya ƙirga ba, ko kuwa buhu ashirin ya ware na kiran kasuwa, ya fanshe a kan shayi. Ko wanne ne, ba ni bin mahaukaci cikin rijiya don a ce na fi shi tsalle."

Sufiyanu ya ce to sai mu zauna hannu rabbana har Yero ya wuce? Na ce wa ya ce masa zama zan yi? Muka wuni muna jera ƙwallo. Sukari na sauko da shi talatin da rabi, in bar dala ɗari a buhu, jika biyar ke nan a buhu goma. Shayi da mai ban taɓa su ba: jika uku a katan, biyu a bido. In Yero ya ɗauki kayansa duka, riba jika ashirin da bakwai. Daga cikinta, ba daga uwar kuɗi ba, zan fitar da abin da zan yi wa Sallah kwalliya da shi.

Sufiyanu ya ce mu ba da sabulu da ashana gyara. Na ce Bafillace ba sabulu ke cinsa ba, hanya ce. Na sha ganin Yero a tasha yana rigima da direbobi, kowane kaya jika guda zuwa Alakoss, ga rairayi, ga jira. Na kuma san Adamu, direban da ke kwaso raguna daga can kwanakin nan, fayau yake komawa, sai ƙasan motar cike da kashin tumaki. Na aika aka kira shi. Ya ce jika goma sha biyu, na ce shida, muka tsaya a takwas, da sharaɗin ya share motar ya shimfiɗa tabarma. Na cire ƙwallo takwas daga ashirin da bakwai. Sha tara suka rage, nawa ne halak malak.

Shelar da na sa aka yi gajera ce: wanda ya yi sayayyar jika ɗari uku a kantin Idrisa, kayansa za su same shi a gida. Sufiyanu ya so a ce kowa da kowa. Na ce wanda ya sayi kwalin ashana ma in ɗaukar masa mota?

Ranar kasuwa Yero ya iso. Ina kallo ya wuce ƙofata ko sallama babu, ya shige wajen Tanko. Sufiyanu ya kama kai.

"Baba, mu aika masa, ko ashirin da tara ɗin ne mu yarda."

"Ka taɓa farashin nan, ka nemi wani uban."

Ban bari ko gemuna ya motsa ba. Can sai ga Yero, bayansa amalanke ɗauke da buhu uku. Ni Babarbare ne, shi Bafillace, wasa tsakaninmu gado ne.

"Bawana, har yanzu kana raye?" in ji shi. "Tsada ba ta kashe ka ba?"

"Ubangijinka na nan daram. Ina sauran bakwai ɗin? Ko kuɗin ragunan ne suka ƙare?"

Ya tsartar da yawu. "Wai buhu uku ne rabon mutum ɗaya. Shayinsa kuma ya ɗora masa jika ɗaya a kan naka. Ka ba ni bakwai a farashinsa mu rabu lafiya."

"Talatin da rabi."

"Talatin ba ɗaya, don zumunci."

"Zumunci a ƙafa yake, Yero, ba a buhu ba. Talatin da rabi, da shayinka da manka, gobe kafin azahar suna ƙofar rugarka, ba ka ba direba ko dala ba."

Ya shiga lanƙwasa yatsu. Shi ma bai shiga lakwal ba, shi ya sa ya iya lissafi. Kaya goma sha shida, jika sha shida da zai zuba a tasha. Abin da yake nema in rage masa a buhu bakwai kuwa goma da rabi ne kawai. Ya saki yatsun, ya zaro jakar fata daga ƙarƙashin riga.

Ana cikin fito da kaya sai ya nuna amalanken da sanda. "Waɗannan ukun ma a haɗa su a motar."

"Jika uku."

"Kai, Babarbare! Ba kyauta ka ce ba?"

"Kayan kantina na ce. Sukarin Tanko ba ya hawa motata kyauta. In ya ga dama ya goya maka shi."

Ya zage ni da Fillanci, na rama da Barbarci, ya ƙirgo jika uku ya dangwara mini a hannu. Na miƙa wa Sufiyanu na ce ya tsaya a kan Adamu, kada ya ɗora mai a bisa sukari.