Katunan Babi na Tara

Godelieve ba ta yarda 'yarta ta faɗi jarrabawar ilimin magunguna ba. Mako shida suna zama a teburin kicin, ita tana ɗaga kati tana haɗa baƙaƙen sunan magani da ƙyar, Katrien tana zubo abin da ke bayansa: dangin maganin, yadda yake aiki a jiki, illolinsa. A makon ƙarshe ko ɗaya ba ta kuskure ba. Mace mai shekara arba'in da ɗaya, ta yini tana juya tsofaffi a gidan kula da su, ta dawo ta haddace kati ɗari uku, sannan a ce ta faɗi? Saura dama ɗaya tak, in ta sake faɗi sun sallame ta daga karatun jinya.

Ran Talata ta zuba katunan a kwalin takalmi, ta hau bas zuwa makarantar, ba ta gaya wa kowa ba.

Malamar, Madam Verhaegen, ta ba ta kujera da kofi. Godelieve ta ƙi duka biyun, ta dire kwalin kan tebur ta ce a nuna mata inda yarinyar ta gaza. Malamar ta riƙa zaro kati tana juyawa tana gyaɗa kai, har ta zo kan wani ta tsaya.

"Furosemide ke nan. Bayansa kuwa ya ce yana tare aikin aldosterone, yana tara fotasiyam a jini. Wannan ai bayanin spironolactone ne. Dukansu suna sa fitsari, amma furosemide hana ƙoda mayar da gishiri yake, fotasiyam zubewa yake yi."

Godelieve ba ta gane ko rabi ba, amma ta gane akwai mai laifi. Ɗalibai huɗu ne, har da Katrien, suka raba littafin, kowa ya taƙaita babinsa ya mai da shi katuna ya tura wa saura. Babi na tara na wani Dries ne. Ta ce a kira shi.

Ya zo daga kantin makaranta da biredi a hannu. Ta tare shi da cewa uwarsa ta yi asarar kuɗin makaranta. Ya haɗiye lomarsa ya buɗe waya: ga sunayen magunguna layi biyu, hagu da dama, a shafi ɗaya, ga bayanansu layi biyu a shafi na gaba, kowanne a gurbinsa. Shi a waya ya karanta, ya kuma ci jarrabawar.

"To aljani ne ya sauya su a hanya?"

Dries ya ce, "Baba, wa ya buga muku a takarda?"

Ita ce. Katrien ba ta iya karatu a waya, idonta ruwa yake yi. Sauran babobin sun zo da suna a sama, bayani a ƙasa, sai a yanka a ninke. Na Dries ne kaɗai mai shafi biyu, shi ne Godelieve ta ce wa mai shagon buga takardu ya buga gaba da baya, ta yanka da almakashin ɗinki.

Malamar ta ɗauki farar takarda ta rubuta ɗaya a hagu, biyu a dama, ta juya ta sake rubuta haka a bayanta, ta ɗaga ta ga hasken taga. Ɗaya na zaune a bayan biyu. Godelieve ta karɓa ta juya, ta sake juyawa, ta ce wasan 'yan dabo ne. Ta juya sau na uku, sai ta zauna kan kujerar da ta ƙi.

Duk da haka ta ce ai yarinyar ta haddace, a musanye ne kawai, a ba ta rabin maki. Malamar ta ce mai ciwon zuciya ba ya karɓar rabin maki. Abin da za ta iya shi ne ta ara wa Katrien littafinta, ta rubuta katunan babin da hannunta. Saura mako uku a sake jarrabawar. Dries ya ce zai gyara nasa shafin. Godelieve ta rasa wa za ta zaga, shi, ko mai shago, ko almakashi. Ta fita ba sallama.

Da Katrien ta dawo daga aiki da la'asar, ta tarar an ware kati arba'in da takwas gefe, ga baƙon littafi, ga sababbin katuna farare. Uwar ta ɗaga na furosemide daga cikin waɗanda aka ware. Katrien ta amsa tun ba ta tuɓe takalmi ba, yana tara fotasiyam.

"Zubar da shi yake."

"Mama, juya ki gani mana."

"Na juya har na gaji. Katin ƙarya yake yi, ni na yanka shi. Zauna, buɗe babi na tara."

Katrien ta dubi katin, ta dubi uwarta. Ta ja kujera tana tambaya, to in haka ne, wanne ne ke tarawa?

"Ni kike tambaya? Karanta ki gaya mini."