Wayar Yaya Hammadu

Hindatu ta karanci ilimin kwamfuta a Damagaram, ta samu aiki da wani ƙaramin kamfanin wasannin waya a Yamai. Da ciwon ƙafa ya kwantar da Innarsu a Magariya, sai ta tattaro ta dawo gida, tana aikin daga ɗakin zaure tana aikawa ta rezo, wato intanet ɗin waya.

Wasan da suke ginawa na harbi ne. Garken fara na ƙarfe kan sauko wa gari, mai wasa ya yi ta kakkaɓo su da bindiga. A kwamfutarta lafiya lau yake tafiya, haka ma a wayarta. Amma waɗanda aka bai wa gwaji da ƙananan wayoyi kukansu ɗaya: da harbi ya yi zafi sai hoton ya cije, ya daskare kamar ƙiftawar ido biyu, kafin ya sake an riga an kashe ka. Abdoul Razak, shugaban aikin, ya kira ta ya ce saura kwana goma a fitar da wasan, kuma yawancin masu sauke shi irin waɗannan wayoyin gare su.

Ana cikin haka yayanta Hammadu ya zo duba Inna. Manomi ne mai 'yan shanu, yana zaune da matarsa Dije a wani ɗan ƙauye mai gida huɗu bayan Guci. Ya ciro waya zai duba lokacin salla, Hindatu ta ga irin wadda ake kuka da ita ce sak, gilashinta ma a tsage.

"Yaya, ara mini wannan kwana uku."

"Wannan ruɓaɓɓiyar? Ga taki mai kyau."

"Ruɓewar nake so. Ciwon ba ya nunawa sai a irinta."

"Dije fa ta yi nauyi."

"Ba ka ce sai wata mai zuwa ba? Ranar Laraba zan ba direba ya kawo maka Guci. Da na ba ka tawa, amma a kanta ake nemana daga Yamai."

Ya yi dariya ya miƙa mata, ko sim ɗin bai cire ba. "Riƙe. Allah ya sa ta yi miki amfani."

Ta haɗa wayar da kwamfuta da igiya, ta buɗe manhajar da ke auna abin da wasa yake ci. Nan take ta ga abin. Duk harsashin da aka harba, wasan sabo yake ƙirƙira, in ya bugi wani abu a rushe shi. Haka tartsatsin wuta, haka kowace fara. A daƙiƙa guda sai a ƙirƙiri abu hamsin a zubar da hamsin. Tarkacen kan taru a ƙwaƙwalwar waya, har sai mai sharar tsarin ya tsayar da wasan ya kwashe. Hoto talatin ya kamata a nuna duk daƙiƙa, amma tsayawar nan kan cinye lokacin hoto huɗu ko biyar. Babbar waya kan gama sharar kafin ido ya lura. Ta Hammadu ba ta iyawa.

Maganin sananne ne, aiki dai yake ci. Tun ana buɗe fagen wasan ta sa a ƙera harsashi ɗari biyu, tartsatsi tamanin, fara sittin, a kashe su a jera a rumbu. In an harba, a ɗauko ɗaya a kunna. In ya gama, a kashe shi a mayar. Ba ƙirƙira, ba rushewa, mai shara ba shi da abin kwashewa. Ranar Talata da la'asar ta yi wasa na minti goma bai cije ko sau ɗaya ba. Har Inna ta kira ta daga ɗaki da ta ji ihunta.

Da safiyar Laraba wani sabon abu ya fito. Wasu harsasan kan ɓace a tsakiyar hanya, wasu kan ja dogon layin haske daga wurin da suka faɗa ɗazu zuwa bakin bindiga. Ta gane dalili: harsashin da aka mayar rumbu yana fitowa da kayan tafiyarsa ta farko, ragowar lokacinsa da sawunsa. Dole a wanke kowanne tas kafin a sake fitar da shi, sannan a sake aunawa, don kada gyaran ya dawo da cijewar.

Direban motar Guci ya tsaya a ƙofar gida ya yi hon. Hindatu ta dubi wayar da ke maƙale da igiya.

"Ka ce wa Yaya jibi," ta ce masa ta taga. "In Allah ya so jibi."

Ranar Alhamis ta gama. Ta aika aikin Yamai, Abdoul Razak ya amsa da saƙon murya, ana jin tafin abokan aiki a bayansa.

Da hantsin Juma'a wayar Hammadu ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Muryar Hammadu ce. Ya ce a gaya wa Inna Dije ta sauka jiya, namiji, amma bai zo da rai ba.

A ƙauyen ta ji sauran, daga bakin wata tsohuwa maƙwabciya. Naƙuda ta taso tun da hantsi, da jini. Sauran masu waya biyu na ƙauyen, ɗaya ya tafi kasuwa, ɗaya yana daji da shanu. Akwai mai babur a Guci da suka yi alkawari da Hammadu, ko yaushe aka kira shi zai zo. Hammadu ya fara gudu zuwa ƙauyen gaba neman waya, ya dawo daga rabin hanya, ya ɗaura shanu a amalanke. An yi ruwa shekaranjiya, hanya duk laka. Sai bayan azahar suka isa likita. Unguwarzomar wurin ta ce da ƙyar aka tsayar da jinin uwar.

Hindatu ta tarar da yayanta a gindin itacen bedi yana gyaran igiyar shanu. Ta durƙusa ta ajiye wayar a gabansa.

"Aikin ya yi?" ya tambaya.

"Ya yi."

"To, madalla."

"Yaya, da na aiko ranar Laraba..."

"Kar ki faɗa." Bai ɗago ba. "Na tambayi unguwarzoma, ta ce ita ma ba ta sani ba. Wataƙila ko da babur haka za a yi. Kwanansa ke nan." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Ni na ba ki da hannuna, Hindatu. Ina sane da cikin."

Ta so a ce zaginta ya yi. Ya tura wayar aljihu bai ko duba ta ba, ya tashi ya nufi turke.

Dije na kwance a ɗaki, fuskarta ga bango, gaban rigarta a jiƙe da nono. Hindatu ta yi mata sannu, ta amsa a hankali ba ta juyo ba. Tsohuwar ta ce ko ba jariri sai an yi wankan jego, safe da yamma, ga shi babu mai ɗora ruwa, dangin Dije suna nesa.

Hindatu ta aika wa Abdoul Razak cewa ba za a same ta ba na wani lokaci. Ta roƙi wata 'yar'uwar Inna ta zauna da ita a Magariya. An fitar da wasan ranar da aka tsara, ba ta nan, rezon ƙauyen ma bai isa ta ga abin da mutane ke cewa ba.

Kwana arba'in ta yi tana faskare, tana ɗora tukunya, tana tsinko ganyen bedi. A sati na uku Dije ta fara yi mata magana, kan gishirin miya da kajin da ke shiga ɗaki. Zancen Alhamis ɗin nan kuwa, har Hindatu ta koma Magariya babu wadda ta ɗauko shi.