Atamfar da Ta Ɓata Rawanin Malam Jibrin

Shekarun da jirgin ƙasa ya fara kawo atamfa Kano, yayata Husaina ce dillaliyar da babu kamarta a Mandawari. Gidanmu dai ba a haifi rago ba.

Rannan matar Malam Jibrin ta haɗa sabuwar atamfar da ta saya wurin Husaina da farin rawaninsa a wanki, rawani ya fito shuɗi. Malam ya hana Husaina shiga gidansa, wai kayanta zuba suke. Maƙwabta ma suka fara rufe mata ƙofa.

Husaina ta ɗauko ƙwarya da sabulu, ta tare shi a zaure.

"Malam, tsaya ka gani. Rarar rini ce, wadda ba ta kama zare ba."

Ta yanki ƙyalle daga turmin irin atamfar ta wanke, ruwa ya rine.

"To, ga shi nan!" in ji Malam.

Ta zubar, ta yi ta sakewa har ruwa ya fito garau. Ta goga jiƙaƙƙen farin tsumma a kai, ko ɗigo. Da ƙyallen ya bushe ta kara shi da turmin, launi ɗaya.

"Da mai zuba ce, da ta koɗe. Kawo na kanka mu haɗa su yanzu."

Malam ya dafe rawaninsa. "A'a, Husaina, shiga ciki, suna jiranki."