Buhu Bakwai na Hajiya Mero

Tun da Alhaji Tambari ya rasu, matarsa Hafsat ce ke riƙe da sitonsa na hatsi a Ƙaura Namoda. 'Ya'yanta duk sun watse, mata suna ɗakunan aurensu, namijin yana Gusau yana aiki. Da safe takan zauna a kujerar marigayin tana kallon 'yan dako suna lodi. Da zarar motoci sun tashi sai wurin ya yi tsit, ita kaɗai da buhuna da tsuntsayen da ke tsintar tsaba a bakin ƙofa.

Wata Alhamis da hantsi saƙon murya ya shigo wayarta daga Shinkafi. Hajiya Mero ce, mai fura, wadda ta daɗe tana sarin gero a siton tun zamanin Alhaji.

"Hajiya, buhu goma na ce, bakwai Sabo direba ya sauke mini. Lokacin Alhaji ba a taɓa yi mini haka ba."

Maganar ƙarshen nan ta soki Hafsat. Ta ɗaga kai za ta ce a ba ta shawara, babu kowa. Ta tashi ta ƙirga buhunan da ke ƙasa, ta tarar da uku jingine a bayan ƙofa, da alamar Mero a jikinsu. Jiya ana cikin lodi aka kira ta ta'aziyya a maƙwabta, Saminu mai lodi ya ƙarasa, Sabo kuma na sauri don kada yamma ta yi masa a hanya. Ko wanne ta ambata, gobe maganar za ta zaga tasha, a ce wane ya yi ƙwange.

Ta fara ɗaukar murya, ta ji kanta tana cewa "yaran nan ne", ta goge. Sai ta kira kai tsaye.

"Hajiya Mero, ki yi haƙuri. Goma kika ce, bakwai suka iso miki, ga ukun nan gabana da alamarki. Gobe da sassafe Sabo zai kawo su, kuɗin mota a kaina. Bakwai ɗin za su riƙe ki zuwa goben?"

"Za su riƙe. To wa ya yi wannan aika-aika?"

"Kaya dai ba su cika ba daga wurinmu. Mu ne za mu cika."

Muryar Mero ta sauko. "Ni ma na yi zafin baki. Ya zaman kaɗaici, Hajiya?"

An daɗe ba a yi wa Hafsat wannan tambayar ba. Ta ce da godiya, suka ɗan taɓa hirar damina da tsadar gero, har katinta ya ƙare.

Washegari ta tsaya da kanta aka ɗora buhunan. Saminu na ta sunkuyar da kai, ita kuwa ta ce masa ya ɗaure igiyar da kyau. Da azahar Mero ta aiko cewa kaya sun iso cif. Hafsat ta saurari saƙon sau biyu, ta rufe sito, ta kama hanyar gida.